Na rubuta shafi huɗu a kan jigo, malam ya ce labari na ba shi

Assalamu alaikum Malama. Ni ɗaliba ce a wata kwalejin ilimi, ina shekara ta biyu a sashen Hausa. An ba mu jinga mu yi bayanin jigon littafin Shaihu Umar. Wallahi sau biyu na karanta littafin, na zauna na rubuta shafi huɗu, ban tsallake komai ba tun daga haihuwar Umar har zamansa malami. Da aka dawo mana da takardu sai na ga maki 4 cikin 20, malam ya rubuta da jan biro: "Wannan labari ne, ina jigon?" Bai tsaya nan ba, ya karanta farkon aikina a gaban aji. Bai faɗi sunana ba, amma kowa ya gane ni ce. Ƙawata kuwa, wadda na san ba ta gama littafin ba, rabin shafi ta rubuta cewa jigon shi ne bauta, ta samu 13. Tun ranar ba na iya kallon malamin, ita ma ƙawar tawa na ja baya da ita. Saura mako uku jarrabawa, kuma mahaifina da ƙyar yake biya mini kuɗin makaranta. Shin an zalunce ni ne, in kai ƙara wurin shugaban sashe? Idan kuma ni ce da kuskure, mene ne jigon nan da na kasa gani?

Wata ɗaliba

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanyaya miki zuciya. Na san zafin da kike ji, domin babu abin da ya fi ciwo ga ɗalibi kamar ya yi aiki da gaskiya ya ga sakamakon bai bi gumin da ya zubar ba. Amma zan gaya miki gaskiya tun daga farko, don kada ki ɓata kwanakin da suka rage miki: a kan makin, malaminki yana da hujja. A kan yadda ya nuna miki kuskuren, ina ganin bai kyauta ba. Abubuwa biyu ne daban, kuma idan kika bar ɓacin ran na biyun ya rufe miki ido daga na farkon, ke za ki yi asara ranar jarrabawa.

Bari mu fara da kalmar kanta. Idan Bahaushe ya ce wane jigo ne a gidansu, yana nufin shi ne wanda idan babu shi gidan zai watse. Manomin fadama ma yana da jigonsa na ban-ruwa, sandar da guga yake rataye a jikinta, wadda da ita ake ɗago ruwa daga ƙasa. Wannan ma'anar ce masana adabi suka ɗauko. Jigon ƙagaggen labari shi ne maganar da marubuci yake son ya faɗa game da rayuwar mutane, wadda saboda ita ya ƙago mutanen littafin, ya jefa su cikin abin da ya jefa su. Labarin kuwa shi ne abin da ya faru: wane ya yi kaza, sai kaza ya biyo baya. Tambayar da labari yake amsawa ita ce, me ya faru? Tambayar da jigo yake amsawa ita ce, da marubucin ya sa wannan ya faru, me yake gaya mana?

Ki ɗauko takardar nan taki, na san tana nan a ninke a ƙasan jaka ba kya son ganinta. Ki buɗe ta, ki ɗauki fensir, ki zagaye kowace "sai" da kowace "daga nan" da kowace "bayan haka". Na yi shekaru ina duba takardun ɗalibai, kuma wannan ita ce alamar da nake fara gani tun kafin in kai rabin shafi. Idan jimlolin amsa suna haɗuwa da "sai", ɗalibi yana bin sawun lokaci ne, wato labari yake bayarwa. Amsar da take magana a kan jigo da wasu kalmomi take tafiya: "saboda", "wannan ya nuna", "dalilin da ya sa marubucin", "amma kuma". Ina kyautata zaton za ki tarar da zagaye ya cika shafukan nan huɗu, kuma a nan ne za ki ga abin da malam ya gani.

Ba laifinki ba ne ke kaɗai. Mun tashi da tatsuniya, kuma gwanin tatsuniya shi ne wanda bai tsallake komai ba. A firamare da sakandare ma yawancin tambayoyin adabi na tuna abin da ya faru ne: wa ya sace Umar, ina aka kai shi. Ɗalibin da ya saba cin maki da wannan yakan ɗauka cewa yawan abin da ya tuna shi ne ƙarfin amsarsa. A matakin da kike yanzu an ɗauka kin san labarin, shi ma mai duba takardar ya san shi. Abin da yake nema shi ne ki yi wani abu da labarin.

To mu yi aikin tare a kan littafin da aka ba ki. Matakin farko shi ne ki matse labarin duka cikin jimla uku ko huɗu, a takardar gwaji, ba a takardar amsa ba. Ga yadda zan matse shi. An haifi Umar a Kagara bayan rasuwar mahaifinsa, mahaifiyarsa ta auri Makau, wanda fadawa suka yi wa ƙazafin ɓoye bayi bayan an dawo daga hari, sarki ya kore shi daga gari. Aka sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun masu kamun bayi, aka kai shi Kano, inda Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi ya tafi da shi Masar, ya riƙe shi kamar ɗa, ya sa shi karatu. Mahaifiyarsa ta bazama nemansa, aka yaudare ta, ita ma ta ƙare a baiwa a Tarabulus, suka haɗu bayan shekaru, ba ta jima ba ta rasu. A hanyar dawowa guguwar rairayi ta halaka ayarinsu, shi ya tsira, ya zauna a Rauta yana karantarwa. Kin ga shafinki huɗu sun koma layi kaɗan, kuma babu ko kalma ɗaya a cikinsu da ta taɓa jigo tukuna. Amma yanzu littafin yana tafin hannunki, kina iya kallonsa gaba ɗaya lokaci guda.

Mataki na biyu shi ne ki tambayi kanki, wane abu ne yake ta dawowa? A nan ba sai kin wahala ba. Harin kamun bayi ne ya jawo wa Makau kora. Satar yaro don a sayar ce ta raba Umar da uwarsa. Cinikin bayi ne ya ƙetarar da shi Sahara, shi ne kuma ya haɗiye uwar da ta bi sawunsa. Ki gwada cire bauta daga littafin ki gani: Makau yana nan a fada, Umar ya girma a gaban uwarsa, babu tafiya, babu littafi. Wannan shi ne gwajin jigo na farko, abin da idan aka zare shi ginin zai rushe. Ƙawarki da ta rubuta "bauta" ta kama wannan sandar, shi ya sa aka ba ta maki. Amsarta tana kan hanya, ko da ba ta yi nisa ba, kuma ki lura cewa maki bakwai sun kuɓuce mata. Ina jin a nan suka tafi: kalma ɗaya tana gaya mana abin da littafi yake magana a kansa, amma ba ta gaya mana me ya ce a kansa ba.

Mataki na uku shi ne wanda nake so ki fi ba lokaci, domin a nan wanda ya karanta littafi yake barin wanda bai karanta ba a baya. Ki mayar da kalmar nan ɗaya ta zama cikakkiyar jimla, mai aikatau, wadda babu sunan kowa a cikinta, wadda kuma wani zai iya cewa bai yarda ba. Babu wanda zai yi gardama da "bauta", domin ba magana ba ce, suna ne. Amma idan kika ce "cinikin bayi yana tarwatsa iyali, yana mayar da ɗa bawa dare ɗaya", kin faɗi abin da ake iya kawo masa hujja. Dalilin cire sunaye kuwa shi ne, muddin Umar ko Makau yana cikin jimlar, ƙafarki ɗaya tana cikin labari. "An raba Umar da mahaifiyarsa" abu ne da ya faru. "Bauta tana raba uwa da ɗa" magana ce da ta shafi dubban mutanen da ba su cikin littafin.

Yanzu sai ki ɗauki jimlar nan ki ja ta cikin littafin daga farko zuwa ƙarshe, ki ga inda za ta sarƙe. Kada ki nemi wuraren da suka goyi bayanta kaɗai, ki nemi wanda zai ƙaryata ta. A Shaihu Umar za ta sarƙe a kan Abdulkarim. Idan duk abin da marubucin yake cewa shi ne bauta mugunta ce, me ya sa ya sa yaron ya faɗa hannun mutumin kirki, wanda ya ba shi gata da ilimi har ya zama shaihi? Me ya sa Makau, wanda aka zana mana shi a matsayin mai gaskiya da aka zalunta, shi kansa mai zuwa hari ne ya kamo mutane? Mai duba takarda da ya san littafin zai yi miki wannan tambayar a ransa, gara ki riga shi.

Wasu ɗalibai idan suka ga haka sai su koma ɗaya gefen, su ce ashe jigon haƙuri ne da yarda da ƙaddara: wanda ya yi haƙuri zai ga kyakkyawan ƙarshe. Akwai gaskiya a ciki, domin Makau ya karɓi korarsa ba tare da ɗaukar fansa ba, Umar kuma ya tsira daga kura, ya tsira daga guguwa, ta hanyoyin da ba dabararsa ba ce. Amma ita ma wannan jimlar ki ja ta ki gani. Za ta sarƙe a kan uwar. Wa ya fi ta haƙuri da juriya a littafin? Ta bar gida, ta ƙetare Sahara saboda ɗanta, abin da ta samu shi ne ƙangi da wahala, da ganinsa na ɗan lokaci kafin mutuwa. Duk lokacin da na zo wannan wurin sai na ajiye littafin na ɗan yi shiru. Idan haƙuri kullum yana kai mutum ga daɗin duniya, to ina nata?

Kin ga abin da ya faru? Jimla biyu, kowace ta kama rabin littafin ta saki rabi. Jigon da ya amsa sunansa shi ne wanda zai ɗauki ɗan da uwar a lokaci guda. Ni ga yadda nake karanta shi: littafin yana nuna cewa a zamanin cinikin bayi babu wanda yake da iko da rayuwarsa, mai gaskiya da mai laifi duka, kuma abin da ya rage a hannun mutum shi ne halinsa da imaninsa, wani ya tsira da su ya ɗaukaka, wata ta riƙe su har kabari ba ta tsira ba. Ba na ce ki haddace wannan ba. Kina iya karkata ga cewa babban jigon illar bauta ne, haƙuri da ƙaddara ƙaramin jigo ne a ƙarƙashinsa, wani kuma ya juya su, kuma dukanku ku ci maki idan kun kawo hujja. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a faɗi jigon da wani babban ɓangare na littafin yake ƙaryatawa a yi shiru a kai. Yadda ake gane babban jigo daga ƙarami kuwa shi ne tsawon inda ya kai: hassadar fadawa, misali, tana da ƙarfi a farkon littafin, amma da an bar Kagara ta ƙare, don haka ƙaramin jigo ce. Bauta tana nan tun daga harin farko har Tarabulus.

Akwai wani abu da nake so ki ƙara a kai, domin zai raba miki kalmomi biyu da ɗalibai suke cakuɗawa, labari da zubi. Labari shi ne abubuwan da suka faru bisa jerin lokacinsu. Zubi shi ne yadda marubuci ya zaɓi ya jera su ya ƙulla su. Ke kin fara amsarki daga haihuwar Umar, amma ki tuna ba a nan littafin ya fara ba. Ya fara ne da Umar ya riga ya zama babban malami, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, shi kuma ya buɗe baki ya ba su labari. Wato tun shafin farko mun san yaron nan ba zai mutu a hannun ɓarawo ko a cikin rairayi ba. Marubucin ya cire mana fargabar "ko zai tsira?" da gangan, ya bar mu da wata tambayar: ta yaya mutum yake bi ta cikin wannan duka ya fito da natsuwa? Kuma da yake malami ne yake magana da almajiransa, muryar littafin ta zama ta mai karantarwa, ba ta mai kuka ko mai neman fansa ba. Wannan hujja ce babba ga masu ganin haƙuri da ƙaddara a littafin, kuma daga zubi ta fito. Idan kika iya nuna haka a amsarki, kin nuna wa malam kin san inda zubi ya tsaya da inda yake yi wa jigo hidima.

Sanin lokacin da aka rubuta littafi ma yana taimakawa, in dai ba a mayar da shi tarihin marubuci ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi ne yana matashin malamin makaranta, don gasar ƙagaggun labarai ta 1933 da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya daga Zariya. Shekara talatin ke nan kacal bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Masu karatunsa na farko sun san tsofaffin da aka taɓa kamawa ko aka sayar, wasu a cikin gidajensu suke. Jimla ɗaya a kan wannan ta isa a amsa, don ta nuna cewa ba tatsuniyar nesa yake ba su ba.

To ina labarin da kika sani sosai zai shiga? Zai shiga a matsayin shaida. Ki ɗauki kanki kamar mai gabatar da ƙara a gaban alƙali: ba ya kiran duk mutanen gari, shaidu uku yake kira waɗanda suka ga abin da ido. A abin da malamai suke kira warwarar jigo, kowane sakin layi ki buɗe shi da magana, ki kawo abin da ya faru cikin jimla ɗaya ko biyu, sannan ki faɗi abin da ya nuna. Ga misali, ki kwatanta da yadda kika rubuta naki. Maimakon ki ce mahaifiyar Umar ta tafi Kano, sai ta haɗu da wani, sai ya ce zai kai ta wurin ɗanta, sai ya yaudare ta, ki rubuta kamar haka: "Marubucin ya nuna cewa a wancan zamani 'yanci ba shi da tabbas ga kowa. Mahaifiyar Umar 'ya ce, matar aure, ta fita neman ɗanta da ƙafarta, amma yaudarar mutum ɗaya ta isa ta mayar da ita baiwa a Tarabulus. Da marubucin ya sa mai neman wanda aka sace ita ma ta zama abin sayarwa, yana gaya mana cewa cinikin ba ya tsayawa a kan wanda aka kama, yana bin danginsa ma." Ki ƙirga: jimla ɗaya ce kawai ta labari, an sa ta a tsakiya, magana a gabanta, magana a bayanta. Idan kika yi irin wannan sakin layi uku ko huɗu, ɗaya daga farkon littafi, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙarshe, da guda ɗaya da yake fuskantar abin da ya yi kama da ya saɓa wa jigonki, kamar alherin Abdulkarim, amsarki ta cika a shafi ɗaya da rabi zuwa biyu.

Ki kula da wani rami da ke kusa da wannan. Jigo ba wa'azi ba ne. Da yawa idan aka hana su ba da labari sai su koma "ya kamata mu riƙa haƙuri", "bai kamata a riƙa hassada ba". Wannan darasi ne da mai karatu ya ɗauka wa kansa, kuma akan yi tambayarsa daban. Idan kika ga "ya kamata" a jimlar jigonki, ki sake ta ta koma bayanin yadda littafin ya nuna rayuwa take.

A ɗakin jarrabawa, kafin ki rubuta komai, ki karanta kalmar aikin da ke cikin tambayar. Idan an ce ki taƙaita ko ki ba da labarin, abin da kika iya ne, ki yi. Idan an ce zubi, ki yi maganar inda aka fara, wa yake ba da labarin, yadda aka bar Umar aka koma kan uwarsa sannan aka haɗa zaren biyu. Idan an ce jigo, ki ba kanki minti biyar a bayan takarda: kalma ɗaya, sannan cikakkiyar jimla, sannan shaidu uku. Jimlar nan ita ce za ta zama layin farko na amsarki. Kuma ki fara da kalmar da aka saba ji a aji, ki ce babban jigon littafin shi ne bauta da illolinta, sannan ki faɗaɗa, domin mai dubawa yana da abin da idonsa yake nema, kada ki sa ya yi ta laluben sa.

Mu dawo kan malaminki. Ban ji daga bakinsa ba, amma na san halin da mai duba takardu da yawa yake shiga idan ya ga kuskure iri ɗaya yana maimaituwa. Mai yiwuwa ya zaɓi taki ce ya karanta domin ita ce ta fi tsabta da cika, kuskuren ya fi fitowa fili a cikinta, kuma da ya ɓoye sunanki yana ganin ya rufa miki asiri. Duk da haka ya kamata ya san cewa aji ƙaramin gari ne, kuma da ya kira ki gefe ya fi. Ba na ba ki shawarar zuwa wurin shugaban sashe a kan makin, domin duk wanda aka ba takardar ya sake dubawa zai ga abin da malam ya gani, ke kuma ki ƙare da tsamin dangantaka ana saura kwanaki jarrabawa. Abin da zai amfane ki shi ne ki sake rubuta amsar a shafi ɗaya da rabi bisa yadda muka yi, ki je ofishinsa a lokacin da yake ganin ɗalibai, tare da wata 'yar ajinku, ki gaishe shi ki ce: "Malam, na ga gyaran da ka yi mini, na sake gwadawa, don Allah ka duba ko yanzu na kama hanya." Kada ki roƙi ƙarin maki. Idan ya karɓa da kyau kuma kika ga fuska, kina iya ƙarawa cikin ladabi cewa karantawar da aka yi a aji ta yi miki nauyi. Idan bai ba ki lokaci ba, ki kai wa wani malamin adabi a sashen, ko ɗalibin shekara ta uku da aka san shi da ƙoƙari. Idan kuwa abin ya zama ɗabi'a, yana ta muzanta ki a gaban mutane, wannan magana ce daban, kuma a lokacin kina da haƙƙin kai kuka gaba.

Ita kuma ƙawarki ba ta cuce ki da komai ba, 'yata. Ba ta kwafi naki ba, ba ta rage miki maki ba. Tana da abin da ba ki da shi, wato ta san irin amsar da tambayar take nema, ke kuma kina da abin da ba ta da shi, kin san littafin ciki da waje, kuma ranar da aka ce ta kawo hujja za ta buƙace ki. Ki neme ta ku zauna. Ku ɗauki kowane littafi da ke cikin manhajarku, ita ta faɗi jigon a jimla ɗaya, ke ki nemo wurin da zai ƙaryata ta, sannan ku canza. Littafi ɗaya a kwana biyu ya ishe ku kafin jarrabawa. Mahaifinki kuma ba sai kin ɗora masa damuwar maki 4 na jinga ɗaya ba tukuna. Idan ya tambaya ki gaya masa gaskiya, cewa kin yi kuskure a wani aiki kin kuma gano inda yake.

Yau da dare ki fara da abu ɗaya: ki rubuta jimlarki ta jigon Shaihu Umar, babu sunan kowa a ciki, ki karanta ta da ƙarfi, sannan ki tambayi kanki ko ta ɗauki uwar Umar kamar yadda ta ɗauki Umar. Idan ba ta ɗauka ba ki sake. Ki rubuto mini abin da kika samu, da yadda kuka yi da malam. Allah ya ba ki sa'a, ya sa wa mahaifinki albarka a nemansa.